Saƙon da Na Ƙi Mayarwa Sanarwa

A shekarun da wannan labari ya faru ina aikin fassara a wani shiri na tallafa wa manoma da masunta. Ofishinmu yana Kalgo, a wani gidan haya da aka fasa ɗakunansa aka sa tebura. Ni 'yar Gwandu ce, can mahaifiyata take, don haka duk ƙarshen mako nakan shiga mota ta Jega in je gida, in dawo da safiyar Litinin da gumba da albasa a jaka. A takarda sunan wurina Sashen Fassara, amma sashen ni kaɗai ce, da tebur da kwamfuta da wani tsohon ƙamus da bangonsa ya cire.

Abin da yake zuwa teburina iri biyu ne. Akwai sanarwar gwamnati, wadda take zuwa da Turanci, da tambari a sama, da lamba, da sa hannu a ƙasa. Ita nake mayarwa Hausa a buga, a kai wa hakimai da dagatai da limamai, a manna a kasuwa da tasha. Akwai kuma saƙonnin waya na ma'aikatanmu da ba su jin Hausa sosai, waɗanda nake juyawa in tura a zauren Wasaf na shugabannin ƙungiyoyin manoma.

Tun farkon aikina na ɗora wa kaina ƙa'ida. Sanarwa da daidaitacciyar Hausa nake rubuta ta, irin ta rediyo, da lanƙwasa a kan kowane harafi mai lanƙwasa. Ba ni a cikinta, ba kai, ba ke. "Ana sanar da jama'a" take cewa, domin mai maganar kujera ce. Inda Turancin ya ba da shawara in rubuta "ana shawartar", inda ya tilasta in rubuta "wajibi ne", inda ya hana in rubuta "an haramta". Ban taɓa yarda waɗannan ukun su shiga wurin juna ba, saboda a kan ɗaya ana iya kama mutum, a kan ɗaya kuwa sai dai a roƙe shi. Saƙon waya kuma nakan bar shi yadda mai shi ya yi shi. In da wasa ya yi, da wasa zan kawo shi. In ya yi kokwanto, kokwanton zai iso. Kuma da harshenmu na gida nake rubuta shi, da munka da sunka, domin haka mutanen zauren suke magana da junansu.

Shugaban ofishinmu mutum ne mai ƙwazo, ba zan ɗauke masa wannan ba. Yakan riga kowa zuwa, ya san kowace fadama da ƙafarsa. Abin da yake damunsa kullum shi ne mutane ba sa jin magana. A sanar da su abu, su ce to, su ci gaba da harkarsu. Wannan ya sa ya riƙa ganin kamar laifin daga harshen da ake yi musu magana da shi ne.

Muna kuma da wata injiniya, 'yar kudancin ƙasar nan, Kirista, wadda aikinta duba madatsai da magudanan ruwa. Hausarta ta sayen tumatir ce da gaisuwa. In za ta rubuta rahoto Turancinta tsaf yake, amma a waya Buroka, wato Turancin kasuwa, take zubawa, da hoton fuska mai dariya ko mai kuka a ƙarshen kowane layi. Mun saba da ita ƙwarai. Takan ci tuwon shinkafa a kwanona, ni kuma na koyi cin yajinta.

Daminar wannan shekarar ta yi ƙarfi. Shinkafar fadama ta yi kyau, ta fitar da kai, amma ba ta gama ƙosawa ba. Wata safiya, tsakiyar mako, abu biyu suka same ni kusan tare. Na farko sanarwa ce daga gwamnatin jiha game da ambaliya. Ta shawarci mazauna bakin gulbi su koma kan tudu, ta wajabta wa masu kwalekwale sa wa fasinja rigar ruwa, ta haramta ɗaukar mutane bayan faɗuwar rana. Ba ta ambaci rana ba, ba ta ambaci gari ba. Na biyu saƙon injiniya ne, ta turo wa shugaba daga fadama, shi kuma ya turo mini da umarnin in same shi a ofis kafin in taɓa komai.

Na shiga na gaishe shi. Ya nuna mini kujera, ya ɗaga takardar sanarwar da yatsu biyu.

"Malama, wannan abin ba wanda zai karanta shi. Kin san haka, na san haka. Ina so ki sauko da shi ƙasa. Ki yi shi kamar hira, ki ce jama'a yaya ne, ruwa na tafe, a yi hattara. Ki sa ɗan abin dariya. Yara su tura wa junansu."

"To saƙon injiniya kuma, Yallaɓai?"

"Shi za ki ɗaga sama. Shi ne yake da nama. Ya faɗi wuri, ya faɗi lokaci. Ki yi masa irin Hausar nan taki ta ana sanar da jama'a, mu ɗora a takardarmu mai tambari. In suka ga haka za su motsa."

Na sake karanta saƙon a wayata. Abin da ta ce, in an juya shi yadda yake, shi ne ruwa yana ta tasowa wajen Dangoma, don Allah a gaya wa mutane su kwashe injinan ban ruwa da buhunan taki daga bukkokin gona, tana jin kamar zuwa ƙarshen mako zai iya kai gonaki, amma ba ta tabbata ba. Ta rufe da Allah ya taimake mu, da hoton hannu biyu a haɗe.

"Yallaɓai, ta ce ba ta tabbata ba."

"Sanarwa ba ta cewa ban tabbata ba."

"Shi ya sa wannan ba zai zama sanarwa ba."

Ya ajiye takardar. Ya ce in bar masa ilimin aji, rayukan mutane ake magana. Na ce ni ma a kansu nake magana. Na ce masa in na sa wa maganar injiniya "ana sanar da", na cire ta daga bakinta na sa a bakin gwamnati, kuma gwamnati ba ta faɗa ba. Mutumin da ya ji "ina jin kamar" zai je ya duba gulbi da idonsa ya yanke shawara. Wanda ya ji "ana sanar da" kuwa lauje zai ɗauka. Sanarwar kuma in na mayar da ita hira, wane dagaci ne zai tara dattawa ya karanta musu "jama'a yaya ne"? Wane limami zai karanta ta bayan sallah? Kuma ranar da aka tare mai kwalekwale da fasinja bayan magariba, zai ce shi wasa ya gani a waya, ba doka ba, kuma yana da gaskiya.

A wuri guda na yarda da shi, na kuma faɗa masa. Sanarwarmu takan yi nauyi fiye da kima, mu masu fassara mukan cika ta da manyan kalmomi don a ce mun iya. Na ce zan yi ta da kalmomin da kowa ya sani. Inda zan ce "ƙaurace wa matsugunansu" zan ce "su tashi daga gidajensu". Zan gajarta jimloli. Sannan in rubuta ɗan saƙo daban, da sunan ofishinmu, mai cewa ga sanarwar gwamnati nan a ƙasa, a daure a karanta, a karanta wa wanda bai iya ba. Amma sanarwar kanta za ta fita da tambarinta da lambarta da muƙamin wanda ya sa hannu, ba ƙari ba ragi.

"Wato kin ƙi."

"Na ƙi wannan, Yallaɓai. Sauran duk zan yi kafin azahar."

Ya dube ni, ya ce in je.

Na koma teburina, ni da ban taɓa ce wa shugaba na ƙi ba sai ranar. Na yi sanarwar. Har yanzu ina tuna farkonta: "Ana sanar da jama'a cewa, saboda yawan ruwan sama da ake samu, ana shawartar mazauna bakin gulbi su tashi daga gidajensu su koma kan tudu. Wajibi ne masu kwalekwale su sa wa kowane fasinja rigar ruwa. An haramta ɗaukar fasinja bayan faɗuwar rana." Sannan na juya saƙon injiniya na tura zauren manoma, na rubuta a samansa cewa daga injiniyarmu yake:

"Jama'a, ruwa na ta tasowa wajen Dangoma hwa. Don Allah ku hwaɗa ma mutanenku su hidda injina da taki daga bukkokin gona. Ina jin kamar ƙarshen satin ga shi kai gonaki, amma ban tabbata ba. Allah shi taimake mu."

Na sa hoton hannuwan nan biyu kamar yadda ta sa. Na ji hannuna yana so ya ƙara in sha Allahu, saboda haka muke magana, amma ban ƙara ba. Ba ta faɗa ba.

Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa na Dangoma, wani dattijo mai yawan barkwanci, shi ya fara amsawa da saƙon murya. Ya ce a gaida injiniya, injinansu za su hidda yau, gulbi kuma suna kallonai. Na ji daɗi, na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari da na zo ofis sai na ga takarda manne a ƙofar shiga, a kan takardarmu mai tambari. "Ana sanar da ɗaukacin manoman yankin Dangoma cewa ambaliyar ruwa za ta mamaye gonaki ranar Asabar. Ana umartar kowa da ya kwashe abin da ya mallaka daga fadama." A ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta Sashen Fassara. Shugaba da kansa ya rubuta ta bayan na tashi, mai buga takardu ta buga, direba ya kai ƙauyuka tun da asuba. "Ƙarshen mako" ya zama Asabar. "Zai iya" ya zama "za ta". Injina da taki sun zama duk abin da mutum ya mallaka. "Ban tabbata ba" kuwa babu shi.

Na cire takardar daga ƙofa na shiga da ita wurinsa ba tare da an kira ni ba.

"Yallaɓai, a cire sunan sashena daga wannan."

"Sashen na ofis ne, ba naki ba ne."

"To a tura wani saƙo a ce kuskure ne."

"In sun kwashe kayansu ruwa bai zo ba, me suka rasa? In ba su kwashe ba ruwa ya zo fa? Malama, je ki yi aikinki."

Na fita na kira dattijon Dangoma. Na ce masa takardar nan ba ta gwamnati ba ce, maganar injiniya ce ta jiya aka sauya mata kaya. Sai ya ce, "Ɗiyata, ni na ji. Amma dagaci ya karanta ta ƙohwar gidanai, da tambari. Ke kuma ga waya kike hwaɗa min. Wa kike so su bi?" Abin da na tsaya ina yi wa shugaba bayani jiya, shi ne ya juyo ya same ni: maganata ta waya ba ta da nauyin da za ta ture takarda mai tambari. Na rubuta a zauren manoma duk da haka. Wasu suka gani, wasu suna gona tuni.

Mutane da dama suka shiga fadama da lauje. Suka yanke shinkafar da in an ba ta ɗan lokaci da ta cika, suka yi ta jigila da amalanke da babura zuwa tudu, mata da yara duk aka fita. Wasu suka tsaya, suka ce sun duba gulbi ba su ga alamar zai hau da wuri ba.

Ranar Asabar ina Gwandu, a tsakar gidanmu, ina taya mahaifiyata tsince wake, wayata a cinya. Ba a yi ko yayyafi ba. Saƙonni suka fara shigowa zauren tun hantsi. Wani ya ɗauki hoton gonarsa a bushe ya rubuta, "Ga ambaliyar gwamnati." Wani ya turo hoton shinkafar da ya sussuka, rabi ƙaiƙayi. Mahaifiyata ta ga na daina tsincewa.

"Mi ya hwaru?"

Na ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"Ke kinka rubuta?"

"A'a, Inna."

"To kak ki ce ke ta. Ko sun ba ki haƙuri, ko sun yi miki hwaɗa." Ta tura mini tiren waken. "Ida wanga."

Ƙorafi ya kai Birnin Kebbi. Ba asarar manoma kaɗai ba, har da tambayar wa ya ba ofishinmu ikon sanar da ranar ambaliya da yawun hukuma. Hedikwatar shirinmu ta aiko wa injiniya takardar neman ba'asi, tunda an ce bayanin daga wurinta ya fito. Ta shigo ɗakina da takardar a hannu, idonta ja. Ta ce mini da Turanci ita ba ta taɓa cewa Asabar ba, in duba wayata. Na ce na sani. Ta ce ita baƙuwa ce a nan, in aka nemi wanda za a ɗora wa, ita ce mafi sauƙi. Na ce ta zauna ta sha ruwa, saƙonta yana nan yadda ta turo shi.

Kafin mutanen hedikwata su zo, shugaba ya kira ni. Wannan karon da kansa ya jawo mini kujera, ya sa aka kawo lemo. Ya ce abin ya fi ƙarfin yadda ya zata. Ya ce akwai hanya mai sauƙi da ba wanda zai ji ciwo: a ce kuskuren fassara ne. Kowa ya san fassara tana da wuya, Buroka kuma ba ta da ƙa'ida. Za a ja mini kunne da baki, shi zai tsaya mini, injiniya ta fita, magana ta mutu.

"Ki duba, ƙawarki za ki ceta."

Na yi tunani a kai, ba zan ce ban yi ba. Lemon yana gabana yana zufa. Amma na ga in na ce kuskuren fassara ne, na ce ke nan duk takardar da ta taɓa fita daga teburina abin shakka ce. Gobe in na rubuta "an haramta", wani zai ce ƙila mai fassara ce ta zaƙe.

"Yallaɓai, ban yi kuskure ba. In na yi, da kaina zan zo in faɗa. Wannan ban yi ba."

"Kina da taurin kai, Malama."

"Ina da shi."

Mutum biyu suka zo daga hedikwata, wani dattijo mai farin gemu da wata mata mai rubuta abin da ake faɗa. Aka zauna a ɗakin taro, fanka tana juyawa a hankali saboda wutar janareta ce. Shugaba ya yi bayani, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ya bar wurare a buɗe. Ya ce bayani ya zo daga fadama, an mayar da shi Hausa, an fitar don kare rayuka. Kalmar "an" ya yi ta amfani da ita, irin ta sanarwa, wadda ba ta nuna kowa.

Da aka zo kaina na ce a ba ni izini in karanta abu uku. Na karanta saƙon injiniya da Burokarsa, yadda ta rubuta. Na karanta fassarata ta zaure, da hwa ɗinta da komai, har matar nan ta ɗaga kai ta yi murmushi. Sannan na karanta takarda mai tambari. Ban ƙara sharhi ba sai da dattijon ya tambaye ni.

"Wa ya rubuta ta ukun?"

"Ba ni ba ce, ranka ya daɗe. An ce in rubuta, na ƙi."

"Don me kika ƙi? Umarnin shugabanki ne."

"Don saƙon hira ne tsakanin ma'aikaciya da shugabanta. Tana da damar ta yi zato a waya. In na rubuta shi da harshen sanarwa, zaton ya zama alkawarin hukuma, ko da ban canja kalma ɗaya ba. Balle an canja."

"Da ruwan ya zo ranar Asabar ɗin fa?"

Na san wannan tambayar za ta zo, shugaba ma ya gyara zama.

"Da ya zo, ranka ya daɗe, da mutane sun gode wa ofishinmu. Amma da har yanzu ba abin da ta faɗa ba ne, kuma da har yanzu ban rubuta ba."

Sai shugaba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, shi ya rubuta. Ya ce kuma in aka mayar da shi wannan ranar bai san ko zai yi daban ba, domin ya taɓa ganin gawar yaro da aka tsamo daga fadama, ita Malama ba ta gani ba. Gaskiya ne, ban gani ba.

Hukuncin da ya biyo baya bai yi wa kowa daɗi sosai ba. An wanke injiniya. An ja wa shugaba kunne a rubuce, ya ci gaba da zama a kujerarsa. Aka fitar da doka cewa ba takardar da za ta fita da tambari sai hedikwata ta gani. Ni kuma aka ce an lura ba ma jituwa da shugaba, za a mayar da ni ƙaramin ofishinmu na Gwandu, mai kula da su Dodoru da Malisa, inda aikin fassara bai kai rabin na Kalgo ba. Wasu abokan aiki suka ce in rubuta takardar ban haƙuri, ƙila a janye. Na ce haƙurin me zan ba?

Ruwan ya zo daga baya, bayan an kwana biyu, lokacin da waɗanda suka jira suka fara yankan shinkafarsu cikakkiya. Ya cinye gonakin da suke can ƙasa, ya bar na sama. Shugaba ya riƙa cewa ai ga shi nan, waɗanda suka yanka da wuri a ƙasan sun tsira da wani abu. Haka ne, sun tsira da wani abu. Na sama kuma da suka yanka da wuri sun yi asara a banza. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kafin ruwan ya hau, gwamnati ta fitar da sanarwa ta biyu, ta gaske, mai cewa a tashi. Ita ce ta ƙarshe da na fassara a Kalgo, na yi ta da duk iyawata. Da na tura ta zaure, amsar farko da ta shigo ita ce, "Wace Asabar ɗin kuma?" Mutane suka yi ta tura hoton dariya. Sai da injiniya ta yi saƙon murya da gurguwar Hausarta, tana haki, tana cewa ku tashi, ku tashi, wannan gaskiya ne, sannan wasu suka motsa. Ba a rasa rai ba, Allah ya kiyaye, amma an rasa tumaki da rumbuna.

Ranar da zan bar Kalgo injiniya ta raka ni tasha da kwalin littattafaina. Muna jiran mota ta cika sai ga dattijon Dangoma ya sauko daga babur, ya zo sayen maganin feshi. Gonarsa tana cikin na sama, kuma yana cikin waɗanda suka yanka da wuri, duk da kiran da na yi masa, domin 'ya'yansa sun ce ba za su bi waya su bar takarda ba. Na gaishe shi, na yi masa jaje. Bai yi barkwanci ba ranar.

"An ce sun kore ki."

"Ba su kore ni ba, Baba. Gwandu anka maishe ni."

"Kin yi gaskiya, amma shinkahwata ba ta dawo ba."

"Ba ta dawo ba, Baba."

Ya tsaya yana juya hularsa a hannu. Sannan ya ce to nan gaba in takarda ta zo, ta ƙaƙa za su gane ta ƙwarai. Na ce ya sa a duba masa lamba a sama, da kwanan wata, da muƙamin wanda ya sa hannu a ƙasa. Takardar nan ta Asabar ba ta da lamba, ba ta da sa hannun kowa, tambari kawai gare ta. Ya sa na maimaita masa, yana lissafawa da kai. Ya ce in ya yi shakka zai kira ni. Na ce ya kira ko yaushe, in karanta masa in gaya masa abin da na gani.

Kwandasta ya buga jikin mota. Injiniya ta cusa kwalin ƙarƙashin kujera, ta ce da Hausa in gaida Mama. Dattijon ya riga ya juya yana ciniki da mai maganin feshi. Na zauna kusa da taga, wata mata ta ɗora mini kwandon kifi busasshe a cinya ta ce in riƙe mata zuwa Jega.